Darasi na 6: Komawa motsa jiki bayan jinya

Wanda zazzaɓin cizon sauro ko taifot ya kwantar, da ya ji daɗin abinci sai ya ɗauka ƙarfinsa ya dawo. Ba haka ba ne. Zazzaɓi kan tafi ya bar jini ya ragu, naman jiki ya saki, numfashi ya gajarta. Shi ya sa komawa atisaye sai an bi ta hawa-hawa.

A ɗauki misalin wani tela a Tudun Wada da ya saba sassarfa ta minti 40 bayan Asuba, sau uku a mako, sai taifot ya kwantar da shi mako uku. Ba zai fara komai ba sai zazzaɓi ya sauka gaba ɗaya, ya shanye maganinsa, likita ya ce ba laifi. Sannan ya yi 'yan kwanaki yana tafiya da ƙafa, minti 10 zuwa 15. Idan ya wayi gari ba gajiya, sai ya shiga lissafi: makon farko rabin abin da ya saba, wato minti 20. Mako na biyu kashi 70 cikin 100 na abin da ya saba, wato minti 28; na uku kashi 80, wato 32; na huɗu kashi 90, wato 36. Sai a mako na biyar zai koma 40. Tsakanin kowace fita ya bar kwana guda na hutu. Lokaci yake ƙarawa kawai, sauri sai daga baya. Hawan dutsen Kufena da ƙwallon yamma su jira tukuna.

Ta yaya zai gane ya wuce gona da iri? Da safe, kafin ya sauko daga gado, ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙarƙashin babban yatsa, ya ƙirga bugun jijiya na minti ɗaya. Idan ya saba samun 70, yau ya ga 80 ko fiye, ranar hutu ce. A kan hanya kuma ya gwada gaida wanda ya haɗu da shi. In "ina kwana, ya iyali" ta gagara fita sai da haki, ya koma tafiya. Makon da ya yi masa nauyi sai ya maimaita shi, kada ya tsallaka gaba.

Tsamin cinya na kwana biyu ko uku ba abin tsoro ba ne. Abin da nake roƙon kada a yi wasa da shi shi ne ciwon ƙirji, jiri, bugun zuciya da ya ƙi lafawa, dawowar zazzaɓi, ko fitsari ya yi duhu kamar ruwan shayi. Duhun fitsari tare da tsananin ciwon jiki kan nuna naman jiki ya ji rauni, kuma yana iya taɓa ƙoda. A tsaya nan take, a tafi asibiti a ranar.

Aikin gida: Wata mata a Samaru ta saba tafiyar minti 30. Rubuta mintinta na mako na ɗaya zuwa na huɗu.