Kurakuran da ke lalata jadawalin kwatanta maƙalu, da yadda nake gyara su

Duk shekara sai ɗalibai sun kawo mini jadawali mai layi arba'in ko hamsin, an yi masa launi, an cika kowane gida, amma in na ce a nuna mini maƙalu biyu da suka saɓa wa juna da dalilin saɓaninsu, sai a yi shiru. Kurakuran kuma ba sa canzawa. Zan ɗauki batun da na fi gani a hannun ɗaliban lafiya, wato ƙarancin jini ga masu juna biyu, in nuna inda ake tuntuɓe.

Mutum yakan buɗe Excel ya fara da maƙalar farko, duk abin da ya gani ya kwafa. Wannan shi ne tushen ɓarna. Kafin ka cika gida ko ɗaya, rubuta tambayarka a sama, misali: yaya yawan ƙarancin jini yake ga masu ciki a arewacin Najeriya, kuma me ya sa alƙaluma suke bambanta? Daga tambayar ake fitar da kawunan jadawali. Ni nakan ware maƙalu biyar da ba su yi kama da juna ba, in gwada kawunan a kansu, in gyara, sannan in shiga sauran. Wanda ya tuna da wani kai a maƙala ta talatin, dole ya koma ya sake buɗe ashirin da tara.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne kwafar sakamako ba tare da ma'auninsa ba. Ɗalibi ya ga kashi 55 cikin ɗari a wannan maƙala, kashi 25 a waccan, ya jera su ɗaya ƙarƙashin ɗaya, sannan ya rubuta sharhi cewa matan wannan gari sun fi na wancan fama da ciwon. Haba! Ka duba da me kowa ya auna? Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya da aka daɗe ana bi shi ne `Hb`, wato sinadarin haemoglobin da ke cikin jini, ƙasa da `11 g/dL` ga mai ciki, wanda ya yi daidai da `PCV`, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, ƙasa da kashi 33. Amma masu bincike da yawa a asibitocinmu sun yi aiki da `10 g/dL`, ko `PCV` ƙasa da kashi 30. A 2024 kuma hukumar ta sa `10.5 g/dL` ga watanni ukun tsakiyar ciki.

Ga lissafi don a gani ƙarara. A ce an auna mata 200 a wurin awo. Hamsin suna ƙasa da 10, sittin suna tsakanin 10 da 10.9, casa'in suna 11 ko sama. Mai bin ma'aunin 11 zai ce mata 110 ne, kashi 55 ke nan. Mai bin ma'aunin 10 zai ce mata 50 ne, kashi 25. Matan nan dai su ne, jininsu bai canza ba. Jadawalin da bai da gurbin ma'auni zai sa ka ƙirƙiro wa bambancin dalili, ka ce abinci ne, ko zazzaɓin cizon sauro, ko talauci, alhali babu bambancin tun farko.

Na taɓa karɓar irin wannan jadawali daga wani ɗalibi dab da lokacin kare kundinsa, ya riga ya gina babi na biyu gaba ɗaya a kai. Da na buɗe maƙalu uku na ga kowace da nata ma'auni, sai na san aikin ya rushe. Ni da shi muka zauna muka sake karanta sashen dabarun bincike na kowace maƙala, ya sake rubuta babin, abokan karatunsa suka kare suka bar shi. Tun daga nan ba na duba gurbin sakamako sai na ga gurabe uku a gabansa: ma'aunin da aka bi, na'urar da aka auna da ita, da kuma su wa aka auna. Na ukun nan ma babba ne. Matan da suka zo awon farko a asibitin koyarwa daban suke da waɗanda aka bi gida gida a ƙauye, kuma mai wata uku daban take da mai wata takwas. Sakamakon ma ina son sa da ƙidaya, a rubuta 110 cikin 200, don kashi shi kaɗai yana ɓoye ƙanƙantar adadi.

Kusan duk wannan yana faruwa ne saboda ana cika jadawali daga tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ke farkon maƙala. Ku daina, don Allah. Tsakure abin da marubuci ya fi so a gani ne, sau da yawa ma babu ma'auni a cikinsa. Amfaninsa ya taimake ka ka yanke ko maƙalar za ta shiga ko a'a. Abin da za a zuba a jadawali yana sashen dabarun bincike da jadawalan sakamako.

Na biyu da ke ba ni haushi shi ne ƙirga maƙala a matsayin bincike. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018, wanda za ka gani a maƙalu da sunan `NDHS 2018`, ya auna jinin mata, kuma mutane da yawa sun ɗauki bayanansa sun fitar da maƙalu daban daban. In ka ba kowace layinta ka ce bincike huɗu sun yarda da juna, shaida ɗaya ka kira sau huɗu. Haka kundin digiri ɗaya yakan haifi maƙalu biyu ko uku. Alamar gane su ita ce wuri ɗaya, watannin tattara bayanai ɗaya, adadin mutane ɗaya ko kusa. Shi ya sa nake da gurbin tushen bayanai, da gurbin shekarar tattarawa dabam da shekarar bugawa. In na tsara jadawalin da waɗannan gurabe biyu, tagwayen sukan fito kusa da juna, sai in ba su lamba ɗaya.

Gurbin sharhi kuwa, yawanci maimaita ƙarshen maƙala ake yi a ciki. Abin da nake so a wurin hukuncinka ne, jimla biyu ko uku: da wane layi za a iya kwatanta wannan, da wane ba za a iya ba, kuma don me. Misali: "Ma'auni 10, matan asibiti kawai. Ana iya haɗa shi da layi na 7, ba da na 12 ba, domin na 12 gida gida aka bi kuma da 11 aka auna." Kalaman marubuci kuma suna da nasu gurbin, cikin alamar zance, da lambar shafi. Wanda ya cuɗa su da nasa, bayan wata biyu ba zai iya rabewa ba, daga nan ake faɗawa satar fasaha ba da niyya ba.

Sauran ƙanana ne amma suna cin lokaci. Kada ka bar gida fayau, rubuta "ba a faɗa ba" ko "ban duba ba", domin ma'anarsu ba ɗaya ba ce. `=COUNTBLANK(B2:L41)` zai gaya maka nawa suka rage. Kada ka haɗe gidaje da `Merge`, yana hana tsarawa. Excel yakan mai da `10-11` kwanan wata, don haka sa gurbin a `Text` kafin ka rubuta. Sunayen marubuta da shekara da `DOI` ba sa buƙatar bugawa da hannu, fitar da su a `CSV` daga Zotero, manhajar adana bayanan maƙalu. Maƙalun da ka cire kuma ka ba su nasu shafin tare da dalilin cirewa, domin ranar kare kundi wani malami zai tambayi ɗaya daga cikinsu.