Yadda na gyara sharhin da na yi wa wani gidan abinci a Argungu

Sharhin farko da na rubuta layi uku ne: abinci akwai daɗi, wuri tsaf, ma'aikata akwai fara'a. Da na nuna wa yayata, sai ta ce, "Ƙanina, wannan ai ko mai shayin bakin tasha za ka iya liƙa masa. Me ka ci?"

Gaskiyarta. Kullum na koma wurin sai na riƙe 'yar takarda a aljihu. Duk inda na rubuta "daɗi" a baya, na goge, na sa abin da harshena ya ji. Tuwon shinkafa ya tuƙu sosai, babu gudaji, malmalar ba ta sakin ruwa ko da ta huce. Miyar kuka kuwa daddawa ta fito, amma kanwa ta ɗan yi yawa, har tana barin ɗaci a maƙogwaro. Giwan ruwan da suka soya, tsokarsa fara ce tana ɓarewa da kanta, alamar ba kwananne ba ne.

"Fara'a" ma na cire ta. Na rubuta cewa yaron ya kawo ruwan wanke hannu tun ban tambaya ba, amma sai da na yi minti 25 ina jiran tuwo.