Babi na Huɗu: Yadda Ake Ƙirga Awon Barasa

Darasi na 1: Mene ne awo ɗaya?

Kwalba ɗaya ba awo ɗaya ba ce, kofi ɗaya ma haka. Giya, ko wace iri ce, haɗin ruwa ne da zallar barasa, wato sinadarin da ke bugarwa. Wannan zallar ita likitoci ke ƙirgawa, ruwan bai dame su ba.

Ma'aunin ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A Birtaniya awo ɗaya mililita 10 ne na zallar barasa, nauyinsa giram 8. Hukumar Lafiya ta Duniya tana aiki da giram 10, Amurka kuma giram 14. Za mu koya da na Birtaniya domin lissafinsa ya fi sauƙi.

Darasi na 2: Lambobi biyu da ɗigo ɗaya

Ku duba takardar da ke manne a jikin kwalba. Lambobi biyu muke nema. Ta farko tana tare da haruffan ml, wato mililita, ita ce yawan abin da ke ciki. Ta biyu tana tare da alamar %, ita ce ƙarfinsa. Idan an rubuta 5%, ana nufin in aka kasa abin gida 100, gida 5 zallar barasa ce.

awo = ml × % ÷ 1000

Mu ɗauki giya mai 500 ml da 5%. 500 sau 5 ya ba da 2500. Kusan kowa yana kaiwa nan lafiya. Wajen rabawa da 1000 ne ake faɗuwa, don haka mu bi a hankali.

Ku rubuta 2500 da manyan lambobi. Ku ɗora bakin fensir a ƙarshen lambar, ta hannun dama. Ku dawo baya kuna ƙirga lambobin da baki: ɗaya, biyu, uku. Nan za ku sa ɗigo. Ya zama 2.500, wato awo biyu da rabi. Daga dama ake farawa, kuma uku ake ƙirgawa.

A sake. Gwangwani mai 330 ml da 5% ya ba da 1650. Fensir a dama: ɗaya, biyu, uku, ɗigo. 1.650, ya haura awo ɗaya da rabi kaɗan. Madalla, kun ga ba wuya.

A ƙara. 500 ml amma mai ƙarfin 8% ya ba da 4000. Ɗaya, biyu, uku, ɗigo: awo 4. Girman kwalbar bai canja ba, amma barasar cikinta ta tashi daga biyu da rabi zuwa huɗu.

Wanda ya ƙirga lambobi biyu kawai zai sami 25.00 a misalin farko. Ya tsaya ya tambayi kansa: kwalbar giya guda ta kai awo 25? Ai cikakkiyar kwalbar wiski ma 28 ce. Da an ga amsa irin wannan, ɗigon ne ya sauka a inda bai dace ba. Kada ku yi wannan lissafi da ka. Masu cewa sun riga sun gane, su ƙi rubutawa, su ne kullum ke kawo 25. Gaggawar me ake yi? A rubuta, a ƙirga uku daga dama.

Darasi na 3: Giyar inabi

Ƙarfinta yakan kama daga 11% zuwa 14%. Kofi mai 175 ml da 12% ya ba da 2100, wato awo 2.1.

A kula, sau da yawa a kan kwalbar 75 cl ake rubutawa, wato santilita 75. Sai an ƙara sifili ɗaya kafin ya koma ml: 750. To 750 sau 12 ya ba da 9000, uku daga dama, awo 9. Wanda ya manta sifilin zai sami 0.9, kwalba guda ta kasa kofi guda ke nan, abin da ba zai yiwu ba.

Darasi na 4: Wiski da ire-irensa

Yawanci 40% ne. 25 ml sau 40 ya ba da 1000, awo 1 cif. Wanda ya tsiyaya da hannu ba tare da ma'auni ba yakan wuce 25 ml. Idan ya kai 50 ml, awo 2 ne.

Darasi na 5: Komawa giram

A ninka awo sau 8. Awo 2.5 giram 20 ne, wato biyu a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya.

Aikin gida

Tun 2016 shawarar likitocin gwamnatin Birtaniya ita ce kada namiji ko mace su wuce awo 14 a mako. Wani ya sha kwalabe 4 masu 500 ml da 5%, da kofi 2 masu 175 ml da 12%. Awo nawa ke nan? Ya wuce 14 ko bai kai ba? A nuna inda aka sa ɗigo.