Darasi na Bakwai: Me ya sa watan Azumi ba ya tsayawa wuri ɗaya?

A shekarar 2000 mutanen Garwa da Marwa sun yi azumi cikin sanyin hunturu. A 2011 aka yi shi tsakiyar damina, a watan Agusta. A 2024 kuwa ya faɗo cikin zafin Maris. Duka ukun sunan watan ɗaya ne, Ramadan. Wanda ya san asalin sunayen watanninmu zai gane dalili.

Sunayen nan goma sha biyu sun girmi Musulunci. Larabawa ne suka raɗa su, suna duba yanayin ƙasarsu da abin da suke yi a lokacin. Ramadan ya fito daga kalmar da ke nufin zafi mai ƙuna, irin wanda rairayi ke ƙona tafin ƙafa. Rabi'u, na farko da na biyu, lokacin tsirowar ciyawa ne, dabbobi su samu kiwo. Jumada biyun daga daskarewa suke, wasu malamai suka ce daskarewar ruwa don sanyi, wasu suka ce bushewar ƙasa. Shawwal kuwa daga raƙuma ne, lokacin da taguwa ke ɗaga wutsiya.

Sauran sunayen al'adar mutane suke nunawa. Muharram shi ne wanda aka haramta yaƙi cikinsa. Da ya wuce sai gidaje su zama wayam, an fita yaƙi ko fatauci, wannan ne bayanin da aka fi yi wa Safar. Rajab girmamawa ne. A Sha'aban ƙabilu ke watsuwa. A Zulƙi'ida a zauna gida, a ajiye makami, sai Zulhijja, watan aikin hajji.

To, in Ramadan zafi ne, yaya aka yi azumi cikin hunturu? Watanmu na Musulunci jinjirin wata yake bi, kwana 29 ko 30. Goma sha biyunsu kwana 354 ne, wani lokaci 355. Shekarar rana, wadda damina da rani ke bi, kwana 365 ce, duk shekara huɗu a ƙara ɗaya. Tsakaninsu akwai giɓin kwana 11 ko kusa da haka. Larabawan jahiliyya suna wasa da watanni, su jinkirta mai alfarma zuwa lokacin da ya yi musu daɗi. Alƙur'ani ya hana wannan a Suratu Tauba, aya ta 36 da 37, ya tabbatar da watanni goma sha biyu. Saboda haka sunan ya zauna yadda yake, watan kuma yana zagaya yanayi, sai bayan shekara 33 ya komo kusa da inda ya tashi. Ƙirgen shekarun kansa a zamanin Sayyidina Umar aka tsara shi, aka fara daga shekarar Hijira, wato 622.

Kalandar da ke kan takardar haihuwa da katin asibiti ta Rumawa ce asali, Paparoma Gregory na 13 ya gyara ta a 1582. Janairu da Maris sunayen abin bautar Rumawa ne, Yuli da Agusta na sarakunansu. Ba ruwanta da ganin wata, an riga an yanka wa kowane wata kwanakinsa. Shi ya sa Agusta kullum damina ce a nan. Ranarta tana sauyawa da sha biyun dare, tamu kuwa da faɗuwar rana, don haka daren Juma'a shi ne wanda ya biyo magaribar Alhamis.

Yanzu ku ɗauki alƙalami mu yi lissafi. A ƙasashe da yawa azumin 2025 ya fara ran 1 ga Maris. Muna so mu kimanta na 2026, sai mu koma baya da kwana 11. Fabrairu kwana 28 ne. Kwana ɗaya baya ya kai mu 28 ga Fabrairu, saura goma. Cire 10 daga 28, ya rage 18. Azumin 2026 ke nan wajen 18 ga Fabrairu. Wannan kimantawa ce ta shirin hatsi da sukari, tana iya kaucewa da kwana ɗaya ko biyu. Ɗaukar azumi sai an ga wata, hukumar addini ta sanar.

Inda na fi ganin rigima shi ne wajen bashi. Mutum ya ce zai biya "watan goma", mai kuɗi yana nufin Shawwal, shi kuwa Oktoba. A 2025 Shawwal ya kama ƙarshen Maris, tazarar wata shida ke nan. In za ku rubuta yarjejeniya, ku sa sunan watan da shekararsa, kada lamba kawai.

Aikin gida: rubuta watannin Musulunci a jere, kowane da sunan da ake kiransa a gidanku, kamar watan Cika-ciki ko watan Babbar Salla. Sannan fara daga 18 ga Fabrairu 2026, ka fitar da lokacin azumin 2027.