Abin da ke sa cifs ɗin agada da doya shan mai, da yadda ake gyarawa

Duk wacce ta ce min cifs ɗinta ya sha mai ya yi lagwab, tambayar farko da nake mata ita ce nawa kika zuba a kasko lokaci ɗaya, don wallahi yawancin matsalar daga nan take. Mutane suna ɗora laifin a kan mai ko agadar, su ce ai man ne ba shi da kyau, alhali zafin ne ya gudu daga kaskon ba su lura ba.

Ɗanyar agada da doya fiye da rabin nauyinsu ruwa ne. Idan suka faɗa mai mai zafi ruwan nan ne yake zama tururi yana fitowa da ƙarfi, wannan kumfar da kike gani tana tashi shuuu ba mai ba ne yake tafasa, ruwan cikin agadar ne. Muddin tururin na fita da sauri to waje yana bushewa ya yi ƙaras, man ma bai cika samun hanyar shiga ba. Amma in zafin ya yi ƙasa sai agadar ta daɗe tana jiƙa a ciki, ta dahu kamar dafawa, ki kwashe ta da nauyi tana naso.

Zafin da ake so ga yanka fale-fale na koriyar agada shi ne digiri 170 zuwa 180 na Salsiyas. In kina da ma'aunin zafi na girki shi ke nan kin huta, in babu ki jefa yanka ɗaya tal. Idan ya nutse ya taso sama cikin daƙiƙa biyu zuwa uku da kumfa kewaye da shi, ya yi. Idan ya kwanta a ƙasa yana kallonki to da saura. Idan kuma ko nutsewa bai yi ba gefensa ya fara ja nan take, man ya wuce, ki rage wuta. Masu yarfa ruwa a mai don gwaji don Allah a daina, fuska ɗaya gare mu.

Ni kaina sai da na yi asara kafin na gane. Wata rana aka ba ni aikin suna, agada shida manya na yanka, mai lita biyu a kasko, ma'auni ya nuna 180 cif. Saboda sauri ga yara za su dawo daga Islamiyya sai na juye kusan rabi gaba ɗaya. Ina kallo allurar ta sauko har wajen 135, kumfa ta taso kamar za ta zube sannan ta lafa, yankan suka manne da juna suka zama curi-curi. Na ƙure gas ɗin amma sai da aka yi wajen minti goma kafin su yi launi, da na kwashe suka huce sai ga su kamar an tsoma a mai, in ka tauna yana danƙo. Sauran rabin sai na raba shi gida huɗu, ina zuba agada ɗaya ba ta ma cika ba a kowane zubi. Zafin bai sauka ƙasa da 160 ba, minti uku zuwa huɗu sun soyu, kuma abin haushi na gama zubi huɗun a kusan lokacin da wancan curin ya cinye min da bambarewa da komai.

Saboda haka zubi kaɗan-kaɗan, yadda kowane yanka zai samu wurin yawo a saman man. Kuma bayan kin kwashe kar ki zuba na gaba nan take, ki ba man minti ɗaya ko biyu ya dawo da zafinsa, ki sake gwadawa da yanka ɗaya. Nan ne da yawa ke faɗuwa, zubin farko ya yi kyau na uku ya lalace su rasa dalili. Ƙaramin mai a falalen kasko shi ma saurin hucewa gare shi, gara tukunya mai kauri da zurfi, amma man kar ya wuce rabinta saboda kumfa.

Sai masu tsoron shan mai da suke barin man har ya yi hayaƙi. Wannan ma kuskure ne, waje zai ƙone ciki bai bushe ba, ki ga launi ya yi ja kin ɗauka ya soyu, bayan awa ɗaya ya saki. Launi ba shi ne alamar soyuwa ba, kumfa ce. In kumfar ta ragu ta kusa tsayawa, kuma kina jin yankan na ƙara kwaras-kwaras a jikin matsami, ruwan ya ƙare. Ki kula kuma da irin man, man gyaɗan kamfani da aka tace yana jure zafi har sama da 220 kafin hayaƙi, amma man ƙuli na gida da ba a tace ba tun wajen 160 yake fara hayaƙi, ga kumfa. Ina son ƙamshinsa a wake da shinkafa amma ban da cifs.

Agadar da ta fara nuna tana da sukari, sukari kuma saurin ƙonewa gare shi, don haka ita a sauko wajen 160 a yi haƙuri da ita. Wadda ta nuna lugub kuwa ki soya abinki ki ci da ƙwai, ba za ta taɓa yin ƙaras ba.

Doya nata daban ne. In fale-fale kika yanka to ɗaya suke da agada, sai dai ki ɗauraye sitacin ki tsane ta sosai a tsumma mai tsabta, don jiƙaƙƙiyar doya tana kashe zafin mai fiye da komai, ga fallatsi. In kuma dogaye ne masu kaurin yatsa, suya biyu ake yi: ta farko a 150 zuwa 160 kamar minti biyar har cikin ya dahu ba tare da launi ba, ki kwashe ta sha iska, sannan ki ɗaga man zuwa 185 ki mayar minti biyu. Dabarar masu suyar doya a bakin titi ta zuba ɗan ruwan gishiri a mai tana dafa cikin doya mai kauri, amma ba ta cifs ba ce, kuma akwai haɗari, ban ba ki shawara ba.

Masu gawayi ko itace, ku wuta ba ta raguwa da murɗa maɓalli, sai ki janye itace ɗaya ko ki ɗan sauke kaskon in ya yi yawa, ki ajiye mafici kusa don lokacin da kika zuba sabo.

Wajen kwashewa ma ana ɓata aiki. Mai da yawa yana shiga ne bayan an fitar, lokacin da cifs ɗin ke hucewa yana zuƙe wanda ya rage a jikinsa. Kar ki kashe wuta sannan ki tsaya kwasa a hankali, ki kwashe man na da zafinsa don a lokacin ya fi tsinkewa ya fi saurin zuba, ki karkaɗe matsamin da kyau a kan kaskon, ki baza a kwandon ƙarfe ba a tara tsibi ba. Gishiri a barbaɗa da ɗuminsa. Leda kuwa sai ya huce sarai kin taɓa kin ji sanyi, in kika ƙulle da sauran ɗumi za ki ga gumi a cikin ledar, kafin safe ya yi laushi.