Yadda ake gano dalilin da ya sa Facebook ya kawo maka mutum a People You May Know

Mutane da yawa sun ɗauka idan Facebook ya nuna musu wani a layin nan na People You May Know, to wancan mutumin ne ya leƙa shafinsu a ɓoye. Har rigima ake yi a kan haka, musamman tsakanin ma'aurata da waɗanda suka rabu. Amma leƙen shafi ba ya cikin dalilan da Facebook ya lissafa a shafinsa na taimako. Abin da ya ambata shi ne abokan da kuka haɗa, da zama a guruf ɗaya ko fitowa a hoto ɗaya, da makaranta ko wurin aiki, da kuma lambobin waya da adireshin imel da aka ɗora masa daga cikin wayoyi. Tun 2008 wannan layi yake a Facebook, LinkedIn ma ya riga shi farawa. Idan ka bi waɗannan dalilai ɗaya bayan ɗaya, mafi yawan lokuta za ka kamo bakin zaren, kuma sau da yawa za ka tarar zaren yana cikin wayar wani ne, ba taka ba.

Mataki na farko: duba abokan da kuka haɗa

Nan ake farawa, domin shi ne dalili mafi yawa. A ƙarƙashin sunan mutum za ka ga an rubuta adadin `mutual friends`, wato abokan da kai da shi kuka haɗa. Ka taɓa wurin, ka karanta sunayen da kyau, kada ka tsaya ga adadin kawai.

Ga yadda lissafin yake tafiya. Na'urar Facebook ba ta bincika duk mutanen duniya domin ta samo maka aboki, sai ta fara da abokan abokanka. A ce kana da abokai 400, kowannensu kuma yana da 400. Idan aka ninka an samu 160,000. Da yawa za su maimaitu, tunda abokanka sun san juna, amma duk da haka dubban mutane ne za su rage, kuma ba za a iya nuna maka su duka ba. Sai a ba kowane ɗaya maki gwargwadon yiwuwar ka aika masa da buƙatar abota shi kuma ya karɓa, a jera su, a cire waɗanda ka toshe da waɗanda ka riga ka kore daga layin, a nuna maka na sama-sama.

A wajen ba da makin nan, ba kowane aboki ke da nauyi ɗaya ba. Masana wannan fanni sun daɗe da lura da haka, har akwai wani ma'auni da Lada Adamic da Eytan Adar suka fitar a 2003 wanda ke rage darajar abokin haɗi idan jama'arsa ta yi yawa. Dalilin a fili yake. Idan abin da ya haɗa ka da wani shi ne ku biyun kuna abota da ɗan siyasar da ya cika abokai 5,000, iyakar da Facebook ya ƙayyade, wannan bai nuna kun san juna ba. Amma idan wadda ta haɗa ku gwaggonka ce mai abokai talatin kacal, kusan tabbas ɗan uwa ne ko maƙwabci. Shi ya sa nake cewa ka karanta sunayen. Mutum biyu daga cikin dangi sun fi goma daga cikin fitattu ma'ana. Haka kuma idan ka karɓi sabon aboki, cikin 'yan kwanaki sai ka ga layin ya cika da mutanensa. Wannan ba abin mamaki ba ne, sabuwar ƙofa ce ka buɗe.

Mataki na biyu: kwatanta abin da kuka rubuta a shafinku

Idan abokan haɗin kaɗan ne, buɗe `About` na mutumin ka kwatanta da naka. Jami'a ɗaya, ma'aikata ɗaya, guruf ɗaya na tsofaffin ɗalibai ko na 'yan kasuwa, ko hoton biki da aka maƙala sunayenku tare. Rubuta Jami'ar Bayero shi kaɗai ba zai kawo maka duk wanda ya yi karatu a can ba, sun yi yawa. Yana ƙara maki ne a kan wata alaƙar da take akwai. Wannan matakin ba ya cin lokaci, minti biyu ya isa.

Mataki na uku: idan babu aboki ko ɗaya, koma kan lambar waya

Nan ne abin yake da zurfi, kuma nan ne na fi so a tsaya a fahimta.

Lokacin da mutum ya sauke Facebook, ko Facebook Lite, ko Messenger, ko Instagram, ana tambayarsa ko ya yarda a ɗora lambobin da ke cikin wayarsa. Yawancinmu muna danna amincewa ne cikin sauri don mu wuce. Daga nan sunaye da lambobi da imel da ke wayar suna tafiya wurin kamfanin, kuma idan an bar ɗorawar a kunne, duk sabuwar lambar da aka ajiye ita ma za ta bi. Sai a daidaita rubutun lambar, yadda wadda aka ajiye da 0803 da wadda aka ajiye da +234803 za su zama abu ɗaya, sannan a duba ko akwai asusun da ke ɗauke da ita. In an samu, an ƙulla alaƙa ke nan.

Abin lura shi ne alaƙar ba ta buƙatar yardar ɓangare biyu. Kai ba ka taɓa ɗora lambobinka ba, amma mai gyaran janareto da ka kira sau ɗaya ya ajiye lambarka, shi kuma tasa ɗorawar a kunne take. Wannan kaɗai na iya sa ka gan shi, shi ma ya gan ka.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wata mata aurenta ya mutu, ta koma gidansu, ta rufe tsohon shafinta ta buɗe sabo da wani suna, ba hotonta, ba ta nemi abotar kowa daga dangin mijin ba. Sai dai ta yi rajista da layin da take amfani da shi tun tana gidan. Ƙanwar mijin tana da wannan lamba a wayarta, an ajiye ta da “Antinmu”, kuma an ɗora. Ba da daɗewa ba sabon shafin zai iya fitowa a layin People You May Know na ƙanwar. Canjin suna bai tsinana komai ba, domin ba suna ake kwatantawa ba, lamba ce. Idan kuma matar ta karɓi ƙawa ɗaya tak da ke abota da ƙanwar, an samu dalili na biyu, makin ya ƙara hawa. Ta yaya za ta gane lamba ce ta tona ta? Ta duba nata layin na People You May Know. In ta ga mutanen da babu abokin haɗi tsakaninsu, ba guruf, ba makaranta, amma duk mutane ne da ta san suna da lambarta, to amsar ta fito.

Irin wannan ya taɓa fitowa fili a Amurka. A 2016 'yar jarida Kashmir Hill ta ba da labarin wata likitar ƙwaƙwalwa da Facebook ya riƙa nuna wa marasa lafiyarta junansu. Abin da aka fi zargi shi ne dukansu suna da lambar likitar a wayoyinsu. Wannan ya kamata ya ja hankalin duk wanda jama'a ke ba shi amanarsu, likita ne, ko lauya, ko ungozoma, ko malamin da ake kai wa matsalar gida.

Akwai hanyoyi biyu da suke yawan rikita mutane a wajenmu. Ɗaya ita ce layin da aka sake sayarwa. Idan layi ya daɗe ba a amfani da shi, kamfanin waya yana karɓe lambar ya ba wani. Sabon mai layin sai ya riƙa ganin baƙin fuskoki daga garin da bai taɓa zuwa ba, alhali mutanen tsohon mai lambar ne, har yanzu tana cikin wayoyinsu. Ta biyu ita ce aron waya. Ka shiga asusunka a wayar yayanka, ko yaron shagon caji ya buɗe maka asusu a tasa wayar, aka danna amincewa, to lambobin da ke wannan wayar ne suka hau da sunanka.

Mataki na huɗu: rage abin da ke hannunka

Fara da kashe ɗorawar, sannan ka goge abin da ya riga ya hau. Idan ka goge ka bar ta a kunne, wayar za ta sake ɗora su. Hanyar tana sauyawa lokaci zuwa lokaci, amma tana cikin wannan sashe:

```
Settings > Accounts Center > Your information and permissions > Upload contacts
```

Ka yi wa Facebook, ka yi wa Instagram, ka duba Messenger, kuma ka maimaita a kowace wayar da kake shiga da ita, domin kashewa a ɗaya ba ta kashe ta ɗayar. Bayan haka ka je saitin wayar kanta ka janye izinin `Contacts` daga waɗannan manhajoji. Janye izinin shi kaɗai yana hana sabuwar ɗorawa ne kawai, ba ya dawo da abin da ya riga ya tafi, shi ya sa ba a farawa da shi.

Sai ka shiga `How people find and contact you` a saitin Facebook. A nan ake zaɓar waɗanda za a iya haɗa su da kai ta lambarka ko imel ɗinka, ka zaɓi mafi tsauri. A nan kuma za ka mayar da buƙatar abota zuwa `Friends of friends`, ka ɓoye jerin abokanka. Ɓoyewar tana hana mutane ganin jerin duka, amma ba ta hana na'urar lissafi da shi.

Danna `Remove` a kan mutum yana cire shi daga naka layin ne, kai kana iya ci gaba da fitowa a nasa. Idan so kake kada ku ga juna sam, toshe shi za ka yi da `Block`.

Iyakar abin ita ce ba ka da iko a kan wayoyin mutane. Lambarka tana wajen duk wanda ka taɓa ba shi, da wanda ya kwafe ta daga guruf. Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, na da shafi a `facebook.com/contacts/removal` inda wanda ba shi da asusu zai nemi a cire lambarsa ko imel ɗinsa daga abin da wasu suka ɗora, ana tura masa lambar tabbatarwa sannan a goge. Ga matar nan ta misalinmu kuwa, saiti kaɗai ba zai wadatar ba. Sai ta buɗe asusun da sabon imel ko layin da ba wanda ya sani, ta ƙi amincewa da ɗora lambobi tun ranar farko, ta toshe dangin da take gudu kafin ta karɓi abotar kowa, kuma kada ta saka tsohuwar lambar a asusun daga baya, ko da manhajar ta yi ta roƙon a saka.