Baƙi ɗaya ko biyu, alama ko babu: kurakuran rubutun Italiyanci da suke juya ma'anar fassara

Bahaushen da ya fara aiki da rubutun Italiyanci yana shigowa da gata guda da kuma rauni guda. Gatan shi ne kunnensa ya riga ya san bambancin baba da babba, da na mana da manna, kuma wanda ya yi makarantar allo ya san aikin shadda tun yana yaro, saboda haka ba sai an sha wahalar gamsar da shi cewa ninka baƙi yana iya haifar da wata kalma dabam ba. Raunin kuwa shi ne rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka idonmu ya saba wucewa ta kan wasali ba tare da neman wani abu a samansa ba. A Italiyanci wannan ɗan karan da ke saman wasalin ƙarshe yana iya zama shi kaɗai ne yake faɗa wa mai karatu wanda ya yi aiki da kuma lokacin da ya yi shi.

Yawancin masu koyo suna fara haddace sunayen da baƙi ɗaya ya raba: casa gida ne, cassa akwati ne ko wurin biyan kuɗi, nono na tara ne, nonno kaka namiji, sete ƙishirwa, sette bakwai, capello gashin kai ƙwaya ɗaya, cappello hula, copia kwafin takarda, coppia abu biyu da suke tafiya tare. Sanin waɗannan yana da amfani, amma a ganina ba su ne suka fi haɗari ba, domin sauran jimlar takan tona asirin kuskuren. Wanda ya karanta cewa an loda gidaje ɗari a mota zai tsaya ya sake dubawa, ya gane cewa cento casse aka so a rubuta, aka rubuta cento case. Abin da ya kamata a riƙe shi ne manhajar da ke ja wa kuskure jan layi ba za ta ce komai a nan ba, tunda kalmomin biyu duk suna cikin ƙamus. Idan kuma ana so a ji bambancin a baki, sai a lura da wasalin da ya gabaci baƙin: a casa ana jan a na farko, a cassa kuwa ana datse shi, a tsaya a kan s, kamar yadda muke yi tsakanin mana da manna.

Inda fassara take lalacewa ba tare da an ji ƙararta ba shi ne a cikin aikatau, musamman a ƙarshen nan biyu, -remo da -remmo. Duk wani aikatau na Italiyanci, idan mu ne masu yin aikin, yana ɗaukar m ɗaya a lokaci mai zuwa, yana ɗaukar m biyu a sigar sharaɗi. Faremo na nufin za mu yi, faremmo na nufin da za mu yi. Saremo za mu kasance, saremmo da za mu kasance. Duka biyun daidai suke a nahawu, kuma duka biyun suna zama lafiya a cikin jimlar Hausa, sai dai na farko alkawari ne, na biyu kuwa tayi ne da ke jiran a cika wani sharaɗi.

Na taɓa cin karo da wannan a wasiƙar da wani mai sayen fata daga yankin Toscana, inda masana'antun jima suke da yawa, ya aiko wa wani ɗan kasuwa a Kano. Wasiƙar ba ta zo mini yadda aka rubuta ta ba, domin wani yaron shago ya kwafe ta daga hoto zuwa saƙon waya, kuma jimlar da cinikin ya rataya a kanta ta iso haka: «Pagheremo la meta alla consegna, se le peli arrivassero entro venerdi.» Kurakurai huɗu ne a ciki, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Venerdi babu alama ba kalma ba ce, kowa ya san venerdì, wato Juma'a, ake nufi, don haka ba ta cutar da kowa. Meta na nufin inda aka dosa ko manufa, metà kuwa rabi ne, kuma tunda ba a biyan manufa, hankali ya nuna rabin kuɗin ake magana. Peli jam'in pelo ne, wato gashin jikin dabba, pelli kuma jam'in pelle ne, wato fatu; a nan ƙaramar kalmar da ke gaba ce ta raba gardama, domin gashi namiji ne a nahawunsu, i peli ake cewa, le kuwa ba ta tafiya sai da pelli.

Na gyara waɗannan ukun nan take, na rubuta «Za mu biya rabin kuɗin ranar miƙa kaya», ina ganin na gama. Sai da na zo karatu na biyu na tsaya a kan arrivassero. Wannan siga ce ta abin da ake ƙaddarawa, kamar mu ce «da a ce sun iso», kuma a ingantaccen Italiyanci idan ta biyo bayan se, ɗaya ɓangaren jimlar yana zuwa ne a sigar sharaɗi. Da alkawari mai wasiƙar yake yi, da ya rubuta se le pelli arrivano ko arriveranno. Na nemi a turo mini hoton takardar, ga kuwa pagheremmo da m biyu. Fassarar da ta dace ita ce: «Da a ce fatun za su iso nan da Juma'a, da za mu biya rabin kuɗin ranar miƙa kaya.» Ɗan kasuwar ya so ya ɗauki bashi ya biya kuɗin jigila bisa dogaro da fassarar farko, alhali mai sayen bai ɗaure kansa da komai ba tukuna. Haka ma vorremmo da ake yawan gani a wasiƙun kasuwanci hanya ce ta ladabi ta cewa muna so, yayin da vorremo ke nufin za mu so nan gaba.

Alamar saman wasali tana yin irin wannan ɓarna idan ta faɗi. Italiyanci yakan bar wakilin suna, domin ƙarshen aikatau ya wadatar, saboda haka firmo il contratto na nufin ina sa hannu a yarjejeniyar, firmò il contratto kuwa na nufin ya sa hannu ko ta sa hannu a can baya. Haka pago da pagò, porto da portò, da dukkan aikatau masu bin ƙa'ida da ke ƙarewa da -are. A bayanin shaida ko rahoton kotu, faɗuwar wannan alama tana ɗauke aiki daga kan wani mutum ta ɗora shi a kan mai magana, kuma hanyar ganewa ita ce a duba sauran aikatau na sakin layin, a ga ko labarin wani ake bayarwa ko mai rubutun yana maganar kansa ne.

Ƙananan kalmomi masu gaɓa ɗaya su ne suka fi yawan faɗa wa wannan matsala, kuma e da è ne kan gaba. E na nufin da, è na nufin ne ko ce. Il direttore è il socio responsabile magana ce a kan mutum ɗaya, cewa daraktan shi ne abokin hulɗar da alhaki ke kansa. Idan aka cire alamar, an sami mutum biyu da jimlar da ba ta ƙare ba. Gwajin da ake koya wa yara a can yana aiki sosai: a sa era, wato ya kasance, a gurbin kalmar, idan jimlar ta tsaya to è ce. Irin wannan gwaji yana raba dà, yana bayarwa, da da, daga, ta hanyar gwada dava. Sì ita ce i ta amsawa, si kuwa wakilin suna ne. Né tana zuwa a jimlar korewa, kamar né resi né reclami, ba mayar da kaya ba kuma ƙorafi, ne kuwa na nufin daga cikinsu.

Wanda ya tsorata da waɗannan yakan wuce gona da iri, ya riƙa ɗora alama a kan qui, qua, fu, sta da fa, alhali ba sa ɗaukarta. Po' kuma, a cikin un po', waƙafin sama take ɗauka domin guntun poco ce. Karkatar alamar ma tana da ƙa'ida: perché, né da ventitré suna ɗaukar é, yayin da è, cioè da caffè suke ɗaukar è. Waɗannan ba sa cika canja ma'ana, amma suna zubar da darajar takardar da aka fassara zuwa Italiyanci.

Akwai kuma inda bambancin yake a tsakiyar kalma, inda ƙa'ida ba ta tilasta rubuta alama ba. Subito idan nauyin murya ya sauka a gaɓar farko na nufin nan take, idan ya sauka a ta biyu na nufin abin da ya sami mutum. Il danno subito ɓarnar da aka yi wa mutum ce, va denunciato subito kuwa na nufin a kai rahoto nan take, kuma a takardar inshora ana iya samun duka biyun a layi ɗaya. Matsayin kalmar a jimla ne kawai yake shiryar da mai fassara.

Bai kamata a dogara da kunne kaɗai wajen rubuta abin da aka ji daga bakin Italiyawa ba. Mutanen arewacin Italiya, musamman na yankin Veneto, sukan sassauta baƙi mai ninki, mutanen Roma kuwa sukan ninka b da g inda rubutu bai ninka ba, su kuma rage rr zuwa r ɗaya. Ƙa'idoji kaɗan suna taimakawa: ba a ninka z a ƙarshen -zione, ko b a -bile, ko g a -gione, amma haɗaɗɗun kalmomi irin soprattutto da davvero suna ninka baƙin da ke mahaɗarsu.

Kaso mai yawa na alamomin da suke ɓacewa na'ura ce take cinye su. Madannan kwamfuta na Italiya kansu ba su da babban È, shi ya sa ake yawan ganin E' a madadinsa. A waya ana danne wasalin har zaɓi ya fito, a Windows kuwa ana riƙe Alt a buga lambar a madannan lambobi na gefe:

```
è Alt+0232   é Alt+0233   È Alt+0200
à Alt+0224   ì Alt+0236   ò Alt+0242   ù Alt+0249
```

Idan aka buɗe takarda aka ga Ã¨ a inda è ya kamata ya kasance, to an karanta rubutun da aka adana da tsarin haruffa na UTF-8 da wani tsarin da ba nasa ba, kuma share waɗannan alamu da hannu yakan tafi da aikatau ɗin gaba ɗaya. Abin yi shi ne a sake buɗe ta da tsarin da ya dace. Tun bayan wasiƙar fatun nan, ba na fara fassarar yarjejeniya daga rubutun da wani ya kwafa sai na ga asalin takardar ko hotonta, sannan in nemo duk inda remo da remmo suka fito, da kowane e da ke tsaye shi kaɗai, in gwada kowannensu da jimlar da yake ciki.